Ba bakwaini ba ce: shekara biyu ina bin tsawon 'yata da allon awo

Kilo 2.2 sikeli ya nuna ranar da aka haife ta. Sistar da ta karɓi haihuwar ta ɗaga ta da hannu ɗaya tana goge ta, na hango wata 'yar aba doguwa siririya, fatar cinyarta duk ta yamutse kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. Kan ne kawai ya cika ido. Kafin a mayar da ni ɗaki labari ya riga ya kai gida cewa na haifi bakwaini, Hajiya uwar mijina har ta fara tambayar ko kwalba za a saka ta.

Ni kuwa na san lissafina. An yi mini hoton ciki tun ina wata uku, aka rubuta ranar haihuwa a katin awo, kuma na haihu ne cikin yana da sati 38. Bakwaini shi ne wanda ya fito kafin sati 37. Tawa ta cika kwanakinta, girman ne bai zo daidai da kwanakin ba. Da likitar yara ta zo zagaye da safe ta duba katin, ta rubuta SGA a gefe da jan biro. Na ce, “Likita, mene ne wannan?” Ta ce ma'anarsa jariri ya yi ƙanƙanta a kan watannin cikinsa. Idan aka jera jarirai ɗari da aka haifa a sati ɗaya na ciki, goman da suka fi rashin nauyi su ake rubuta wa haka. Ta ƙara da cewa hoton nan na farkon ciki ne ya raba gardama, domin idan mace ba ta san ranar da ta ɗauki ciki ba, ƙaramin jariri da bakwaini sai su rikice wa mutane, alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Dalilin nawa ba ɓoyayye ba ne. Tun ina wata bakwai jinina ya fara hawa, ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga, aka ga furotin a fitsari. Hawan jinin ciki yana takure jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, abinci da iska su ragu wa ɗan da ke ciki. Yadda likitar ta bayyana mini, idan abinci ya yi ƙaranci a ƙarshen ciki sai jikin jaririn ya yi rabo irin na mai hankali: ƙwaƙwalwa ta fara samu, kitse da hanta su haƙura. Shi ya sa zagayen kanta ya kai santimita 33, kusan daidai da na kowace jaririya, tsawonta 45, ƙasa kaɗan da inda ake so, nauyin kuwa ya yi ƙasa sosai.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Ana tsira mata allura a diddige ana duba sukari, saboda irinsu ba su da ajiya a jiki, sukarinsu yakan faɗi ba tare da an lura ba. An hana yi mata wanka a ranar farko, aka ɗaure mini ita a ƙirji fata da fata, da hula da safa, ana tashina duk bayan awa biyu in ba ta nono ko tana barci. Wannan ɓangaren ya wuce lafiya, ba shi ya sa na zauna rubutu ba.

Ranar sallama na yi tambayar da ke cina. Na ce, “Likita, tsakani da Allah, za ta kamo sa'anninta ko haka za ta zauna?” Ba ta ce mini in kwantar da hankalina ba, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta ja kujera ta zauna. Ta ce an bi irin waɗannan yara shekara da shekaru a ƙasashe kamar Suwidin da Holan, an ga cewa a cikin goma, kusan tara suna shiga sahun tsawon sa'anninsu kafin su cika shekara biyu, kuma mafi yawan gudun a wata shida na farko ake yin sa. Kamar ɗaya cikin goma ne ke zama a baya. Wanda aka haifa ƙarami kuma bakwaini a lokaci guda, shi ana yi masa haƙuri har shekara huɗu. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, “Amma Maman bebi, waɗancan yaran ba sa fama da maleriya da gudawa kamar namu. Alƙaluman na nuna abin da jiki zai iya ne idan ba a tare masa hanya ba.”

Sannan ta lissafa abin da take dubawa. Tsawon haihuwa ya fi nauyin haihuwa faɗin gaskiya a kan tsawon gaba, wanda aka haifa gajere sosai ya fi wanda aka haifa siriri kawai haɗarin zama gajere. Tana duba kai, domin jaririn da kansa da tsawonsa da nauyinsa duka suka ƙanƙance tare, sau da yawa matsalar tun farkon ciki ta faro, ko wata cuta ta shiga ta cikin uwa, ko abin yana cikin ƙwayoyin halittarsa, kuma irin wannan fitowa duniya ba ta warware shi. Wanda mabiyiya ce ta takure shi, ranar da aka yanke cibiya an raba shi da abin da ya hana shi girma. Tana kuma duba iyaye. Ta sa aka auna ni, santimita 160, maigida 175. Ta haɗa, ta cire 13 saboda mace ce, ta raba biyu, ya ba da 161. Da namiji ne da ƙara 13 ɗin za ta yi. Ta ce wannan ne wurin da jinin gidanmu ke jan ta, da ɗan sama ko ɗan ƙasa. A ganinta 'yata tana cikin masu sa'a, amma ba ta yi mini rantsuwa ba. Abu ɗaya ta roƙe ni: duk inda na je rigakafi in sa a auna tsawo, kada in tsaya a kan kilo.

Ashe wannan roƙon ne mai wuya. A asibitin unguwarmu ranar rigakafi mata sun fi ɗari, a rataya yaro a sikeli, a kira lamba, a ɗiga a kati, mai bi ta matso. Da na je na sati shida na ce a auna mini tsawonta, sai da matar ta dube ni sama da ƙasa. Allon awon yana nan, amma a bayan kabad yake, ya yi ƙura. Na jira har layi ya ƙare, kusan azahar, sannan wata sista mai kirki ta ciro shi ta goge. Daga ranar na koyi zuwa a ƙarshe.

Awon tsawon jariri aikin mutum biyu ne. Katako ne shimfiɗaɗɗe mai tef a jiki, da bango a wajen kai wanda ba ya motsi, da wani a wajen ƙafa da ake turawa. A cire hula da ribom, idan akwai kitson da ya yi tudu a tsakiyar kai a warware. Ni nake riƙe kanta da hannu biyu ya taɓa bangon, idonta na kallon sama sak. Sista ta danne gwiwoyin a hankali su miƙe, ta turo katakon ƙafa har ya zauna a tafin ƙafar gaba ɗaya, yatsu na kallon sama. Yarinya na tsala ihu, ke kuma zuciyarki na ce miki ki sake ta. Idan gwiwa ta ɗan lanƙwashe an ci mata santimita ɗaya ko biyu, idan ta miƙe yatsun ƙafa an ƙara mata. A watannin da duk abin da ake nema bai wuce 'yan santimita ba, wannan kuskuren ya isa ya sa mutum kuka ko murnar banza.

Katin da ake ɗiga awon a kai daga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 aka ɗauko shi, wanda aka gina da awon yara masu shan nono daga ƙasashe shida, har da Gana. Na so wannan, don Hajiya ta taɓa cewa ai ma'aunin Turawa ne. Akwai layin tsakiya, akwai layin ƙasa da aka rubuta -2 a bakinsa. Duk yaron da ke ƙasa da wannan layin shi ake kira gajere a likitance. Kamowa kuwa, a bakin likitoci, ba wai yaro ya kai layin tsakiya ba ne. Ya tsallako layin ƙasan ya shigo cikin jama'a, ya ci gaba da tafiya a inda ya dace da tsawon iyayensa, shi ke nan.

A gida yaƙin na daban ne. Ina wankan jego, ana ɗura mini kunun kanwa, ana kuma so a ɗura wa jaririya nata. Hajiya ta ce, “Wannan 'yar tsanar nono kaɗai ba zai tayar da ita ba, a haɗa mata da madarar gwangwani, a riƙa ba ta ruwa, zafin garin nan sai ya busar da ita.” Ba na iya musu da ita, sai na tura ɗanta. Shi ya je ya ce, “Hajiya, likita ta ce cikinta bai fi ƙwai ba, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono.” Ta yi shiru ba don ta gamsu ba. Likitar ta riga ta gargaɗe mu kan wani abu da ban taɓa zato ba, cewa yaran da aka haifa ƙanana idan aka yi musu ɗure suka tara kitse da sauri, sun fi wasu haɗarin ciwon sukari da hawan jini idan sun girma. Jikin da ya saba da ƙaranci tun a ciki ba ya iya da yalwar da ta zo masa farat ɗaya. Zallar nono wata shida, sau nawa ta nema a ba ta, dare da rana.

A wata uku ta kai santimita 56. Layin ƙasa na mata a wannan watan 55.6 ne. Da ƙyar ta leƙo, amma ta leƙo, na tsaya ina kallon ɗigon biron nan kamar an ba ni kujerar Makka. A wata shida 63.5, layin ƙasa yana 61.2, na tsakiya 65.7. Wato a cikin wata shida ta ƙara santimita goma sha takwas da rabi, alhali jaririyar da ke kan layin tsakiya takan ƙara kamar sha shida da rabi. Bambancin santimita biyu ne kacal, ba abin da ido zai gani a goye, amma shi ne dukan labarin. Kumatu sun fito, yamutsin cinya ya cike, masu zuwa barka da suka riƙa kawar da kai ranar suna suka fara cewa a ba su ita su ɗauka.

Ba ni kaɗai nake wannan tafiyar ba. Ƙanwar maigida ta haihu wata biyu bayana, namiji, a sati 39. Kilo 2, tsawo 43, zagayen kai 31. Shi bai yamutse kamar tawa ba, komai nasa daidai-wa-daida, sai dai ƙarami, kamar an ɗauki jariri an rage shi ta ko'ina. Mutane ma sun fi yabon kyansa. Uwar yarinya ce, cikin fari, ta yi ta fama da zazzaɓi da ƙarancin jini, ba ta fara zuwa awo ba sai a wata bakwai, don haka maganin kariyar maleriya da ake ba masu ciki wata-wata sau ɗaya kawai ta sha. Ita tsawonta 150, mijinta 163. Da na yi musu lissafin likita, na ƙara 13 na raba biyu, 163 ya fito. Duk abubuwan da aka lissafa mini a ranar sallama, nasa sun faɗi a ɗaya ɓangaren.

Tare muke zuwa awo. A wata shida ya kai 60, layin ƙasa na maza yana 63.3. A shekara ɗaya 68, layin yana 71. Yana girma, ba tsayawa ya yi ba, ɗigonsa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin, amma daga ƙasa, tazarar ba ta rufewa. A nan na fahimci yadda ake gane wanda zai kamo: ba awo ɗaya ake kallo ba, ɗigo uku ko huɗu ake haɗawa a ga ko suna hawa suna tunkarar layin ko suna bin gefensa kawai. Uwar ta ce mini, “Anti, ai kilonsa na ƙaruwa, duba ki gani.” Gaskiya ne, tun yana wata huɗu aka fara masa kunu da madara mai sukari, ya yi ɓul-ɓul, sikeli na yaba shi kowane wata. Abincin ya tafi faɗi, bai tafi tsawo ba. Da kilo kaɗai ake bi, da har yau ana cewa lafiya lau.

Ni ma na sha tawa faɗuwar gaban. Tsakanin wata tara da goma gudawa ta kama ta sau biyu, a gida aka ce haƙori ne. Ta rame, ta ƙi kunu. Da ta warke na kasa haƙurin jiran ranar asibiti, na shimfiɗa ta a katifa na ɗauko tef ɗin tela. 66 na gani. Wata huɗu da suka wuce tana 63.5 a kan allo, yanzu kuma a wata goma 66? Ban yi barci ba. Washegari a kan allo 69 ta nuna. Katifa ta lotsa, gwiwa ta tanƙware, tef ya bi lanƙwasar jiki, ni kaɗai ba mai riƙe kai. Sista ta yi mini dariya ta ce in bar wa tela kayansa. Duk da haka ɗigon ya ɗan kwanta a watannin nan, kuma likitar ta ce wannan ne lokacin da yaranmu da yawa, har waɗanda aka haifa da cikakken nauyi, suke fara tsumburewa: an shiga ba da abinci, kunun ya cika ruwa, ga ƙazantar hannu da kwano, ga sauro. Yaron da ya kamo a wata shida zai iya sake zamewa a nan. Muka kaurara kunun, ana zuba garin gyaɗa da waken suya, ƙwai ɗaya kusan kullum, dakakken busasshen kifi a faten dankali, alayyafo, ɗan manja. Nono ban fasa ba sai da ta kusa shekara biyu. Gidan sauro kuwa ko ana zafin da ya fi na bazara sai an sake shi.

A shekara ɗaya 72. Santimita 27 ke nan a shekarar farko, yaro da aka haifa da cikakken girma yakan yi kamar 25. Daga nan gudun ya lafa, ta koma tafiya irin ta kowa, abin da aka ce mini ma haka ake so. Ranar da ta cika shekara biyu aka auna ta a kwance 84.5, layin ƙasa yana 80, na tsakiya 86.4. Sai aka tsayar da ita a jikin ma'aunin tsaye ya nuna ƙasa da 84, na buɗe baki zan yi magana, sista ta riga ni. Ta ce tsayuwa tana cin kusan santimita 0.7, shi ya sa daga shekara biyu ake canza layukan katin gaba ɗaya. Likitar ta duba ɗigon tun daga na farko, ta ce ba ta da sauran aiki da mu ta wannan fannin, sai dai in kula kada ta yi ƙiba, in kuma lura idan alamun balaga suka zo mata da wuri, don yakan faru ga irinsu.

Ɗan ƙanwar maigida ya cika shekara biyu yana 78.5, layin ƙasa na maza yana 81.7. A nan ne aka daina cewa a jira. Wanda aka haifa a cikakken lokaci bai kamo ba har shekara biyu, da wuya ya kamo da kansa daga baya, don haka aka tura su asibitin koyarwa wajen likitan yara mai kula da sinadaran girma. Na raka ta, don ita tsoron manyan asibitoci take. Ya auna uwar da uban da kansa, bai yarda da abin da suka faɗa ba. Ya daɗe yana kallon fuskar yaron, ya gwada tsawon ƙafafunsa biyu da hannayensa, ya duba ɗan ƙaramin yatsa. Daga baya ya ce akwai wata larurar halitta da ke zuwa da ƙanƙanta tun a ciki, da fuska mai tsini wajen haɓa, da goshi mai fitowa, wani lokaci ɓari ɗaya na jiki ya fi ɗaya, kuma bai ga alamarta ba. Ya rubuta gwajin jini don ƙarancin jini da sikila, da na ƙoda, da na ƙwayar maƙogwaron nan da ke zama maƙoƙo idan ta kumbura, da fitsari da bayan gida. Ya ce kafin a ɗora wa haihuwa laifi sai an tabbatar ba wani ciwo ne ke cin yaron a ɓoye ba. Ƙarancin jini aka samu, sauran lafiya.

Uban ne ya yi tambayar allura, wani ya ba shi labari. Likitan ya ce akwai ta, allurar sinadarin girma ce, Amurka ta amince a yi wa irin waɗannan yara tun 2001 daga shekara biyu, Turai kuma a 2003 daga shekara huɗu. Kullum ake yin ta a ƙarƙashin fata, shekara da shekaru har girma ya ƙare, a firji take zama, ana bin sukarin yaro ana awo a kai a kai, kuɗinta kuma ba na mai albashi ba ne. Tana ƙara tsawo, amma ba ta mayar da ɗan gajeru dogo. Ya ce shi ba zai yi maganarta yanzu ba. A gyara jinin tukuna, a rage sukari da madarar da ake ɗura masa, a ƙara ƙwai da wake da kifi, a dawo bayan wata shida a auna a kan ma'auni ɗaya, ya ga santimita nawa yake yi a shekara. Uwar ta ce, “Likita, wada zai zama?” Ya ce a'a, ba wannan ba ne, gaɓoɓinsa daidai suke da jikinsa. Mai yiwuwa gajeren mutum zai zama, kamar babansa ko ƙasa da haka kaɗan.

A mota muna dawowa ba wanda ya yi magana sai yaran biyu da ke faɗa a kan ledar cincin. Da muka iso Hajiya na zaune a tabarma, ta tambayi abin da aka ce, aka faɗa mata. Ta jawo shi ta ɗora a cinya ta ce kakansa ma ai ba dogo ba ne, kuma buhun gero yake ɗauka shi kaɗai. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Ke mai katin, yaushe ne komawar?” Na ce bayan ƙaramar Sallah da sati biyu. Ta ce in rubuta a bango kusa da kalanda, kada a manta.